Yadda ake mayar da jerin magunguna jadawalin rukuni-rukuni, da misali daga magungunan zuciya da hawan jini

*Malam, ina karatun ilimin magunguna, kuma an ba mu jerin magunguna kusan 150 da aka tsara bisa haruffa, kowanne da ɗan bayani a gabansa. Ina so in mayar da shi jadawali na rukuni-rukuni mai nuna yadda magani yake aiki, da amfaninsa, da illolinsa, amma duk lokacin da na fara sai abin ya cakuɗe mini. Ta ina zan kama?*

Kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda, sai ka fara yanke shawara a kan abin da kake nufi da rukuni, domin yawancin cakuɗewar daga nan take tasowa. Ana iya kasa magunguna bisa cutar da suke warkarwa, ana iya kasa su bisa ƙirar sinadarinsu, ana kuma iya kasa su bisa wurin da suke kamawa a jiki, wato makarɓa ko inzayim ko ƙofar da wani gishiri yake bi ya shiga ƙwayar halitta. Jadawalin da kake so yana tsayuwa ne a kan na ukun kawai. Idan ka buɗe layi ka sa masa suna "magungunan hawan jini", gurbin illoli zai cika da busasshen tari, da kumburin ƙafa, da saukar bugun zuciya, da hawan fotasiyam, da saukar fotasiyam, kuma babu magani ɗaya a duniya da ya haɗa waɗannan duka. Sunan cuta ya dace da kan babi, amma kowane layi da ke ƙarƙashinsa ya zama na magungunan da suke kama wuri guda. Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne: ka rubuta yadda rukunin yake aiki a jumla ɗaya. Idan jumlar ta yi daidai da kowane magani da ke layin, rukunin ya tsaya da ƙafarsa. Idan kuwa ka ga kana rubuta "wasunsu suna yin kaza, wasu kuma kaza", to rukuni biyu ne ka cusa a ɗaki ɗaya, sai ka raba su.

Aikin farko kuma ba zana jadawali ba ne. Ka bar jerin yadda yake, ka zuba shi a manhaja irin Excel, kowane magani a layinsa, sannan ka ƙara ginshiƙi biyu a gefe: ɗaya na sashen jiki, ɗaya na wurin da maganin yake kamawa. Idan ka cike su ka umarci manhajar ta jera bisa waɗannan biyun, rukunan za su taru da kansu. Abin da zai hanzarta maka wannan mataki shi ne ƙarshen sunayen, domin sunayen gama-gari da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba magunguna suna ɗauke da guntun kalma da ke nuna danginsu. Idan ka bincika `pril` a sunayen yadda aka rubuta su da Turanci za ka tattaro kaftofiril da enalafiril da lisinofiril da ramifiril, `sartan` zai kawo maka losatan da balsatan da kandesatan, `olol` zai kawo atenolol da furofaranolol da ’yan’uwansu, `dipine` kuma amlodifin da nifedifin. Sai dai ka yi hattara da guntun da ya yi gajarta da yawa. Wanda ya bincika `azole` zai ga omefirazol mai rage ruwan tsamin ciki, da fulukonazol na cututtukan fumfuna, da metronidazol na ƙwayoyin cuta, da kabimazol na tayirod, duk sun fito tare, alhali babu abin da ya haɗa aikinsu. Guntayen da suke nuna dangi a can su ne `prazole` da `conazole` da `nidazole`. Haka nan tsofaffin magunguna irin su digokzin da asfirin da haidiralazin sun riga wannan tsari samun suna, don haka su sai da sani.

Wurin da ƙarshen suna bai taimaka ba, tsarin lambobin ATC na hukumar yana taimakawa. Kowane magani yana da lamba mai matakai biyar, harafin farko yana nuna sashen jiki daga cikin manyan sassa 14, sauran kuma suna ƙara kusantowa har a kai ga maganin kansa. Ga huɗu daga cikin waɗanda za mu yi aiki da su:

```
C07AA05  propranolol
C07AB03  atenolol
C08CA01  amlodipine
C08DA01  verapamil
```

Ka lura cewa biyun farko sun haɗu a C07, wato masu toshe makarɓar bita, amma sun rabu a harafi na biyar, biyun ƙarshe kuma sun haɗu a C08, wato masu toshe ƙofar kalsiyam, suka rabu a C da D. Waɗannan rabe-raben su ne ainihin wuraren da jadawalinka zai tsage, kamar yadda za mu gani. Tun a wannan mataki ka mayar da duk sunan kasuwa zuwa sunan gama-gari, kuma idan ka ci karo da ƙwaya mai haɗin magani biyu, kamar losatan da haidurokulorotiyazid, ka raba ta, kowanne ya tafi rukuninsa.

Game da ginshiƙai, ukun da ka ambata ba za su isa ba, kuma rashin isarsu shi ne dalili na biyu na cakuɗewa. Ni bakwai nake amfani da su: sunan rukuni tare da magani ɗaya da zai wakilce shi, yadda yake aiki, amfani, illolin da suke fitowa daga aikin nasa, illolin da ba su da alaƙa da aikin, waɗanda ba a ba su maganin, sai ginshiƙin ƙarshe na wanda ya saɓa wa ’yan’uwansa. Raba illoli gida biyu tsohon tunani ne a fannin, tun rabe-raben da Rawlins da Thompson suka gabatar a 1977: akwai illar da take ƙaruwar aikin maganin ne kawai, ana iya hango ta kuma tana bin yawan abin da aka sha, akwai kuma wadda take zuwa ba zato, kamar borin jiki. Amfanin wannan ga ɗalibi a bayyane yake. Kashi na farko ba a haddace shi, ana ciro shi ne daga ginshiƙin aiki, saboda haka nauyin hadda ya koma kan kashi na biyu da ginshiƙin ƙarshe, waɗanda ba su da yawa.

Bari mu cike layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da rukunin lisinofiril. A ginshiƙin aiki ɗalibai sukan rubuta "yana saukar da hawan jini", wanda sakamako ne, kuma ba za a iya ciro komai daga gare shi ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne cewa rukunin yana hana inzayim ɗin da yake mayar da anjiyotensin na ɗaya zuwa na biyu, kuma wannan inzayim ɗin shi ne dai yake rushe buradikinin. Daga wannan jumla sai a bi zare biyu. Zaren farko shi ne raguwar anjiyotensin na biyu. Tunda shi yake matse jijiyoyin jini, raguwarsa tana buɗe su, jini ya sauka, kuma wannan ya ba mu amfaninsa a hawan jini da gazawar zuciya, ya kuma ba mu illar faɗuwar jini bayan shan farko, musamman ga wanda yake kan maganin fitsari. Tunda shi yake sa a saki aldosteron, wanda yake fitar da fotasiyam ta ƙoda, raguwarsa tana sa fotasiyam ya taru. Tunda shi yake matse ƙaramar jijiyar da jini yake fita ta cikinta daga matatar ƙoda, raguwarsa tana rage matsi a cikin matatar, wanda alheri ne ga mai ciwon sukari da furotin yake zuba a fitsarinsa, amma masifa ce ga wanda jijiyoyin da suke kai jini ƙodarsa biyu suka ƙuntata, domin shi da wannan matsin yake tace jini. Ka ga dalili ɗaya ya cike gurbin amfani da gurbin hani a lokaci guda, kuma shi ya sa ake auna kiriyatinin da fotasiyam bayan mako ɗaya zuwa biyu da fara maganin, ana kuma jure hawan kiriyatinin da bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 ba.

Zare na biyu shi ne taruwar buradikinin, wanda daga gare shi busasshen tarin nan mai naci yake fitowa, da kuma kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya toshe numfashi. A gurbin hani sai ka ƙara juna biyu, domin rukunin yana cutar da ƙodar ɗan tayi. Ginshiƙin ƙarshe gajere ne: kaftofiril, wanda shi ne na farko a dangin, aikinsa ba ya daɗewa, ana shan sa sau biyu ko uku a rana, kuma yana jawo ɓacin ɗanɗano da ƙuraje fiye da sauran, shi da lisinofiril suna aiki yadda aka sha su, yayin da enalafiril da ramifiril sai hanta ta sauya su tukuna.

Yanzu ka sanya layin losatan kai tsaye a ƙarƙashin wannan, kada ka raba su da shafi. Wannan rukuni yana toshe makarɓar anjiyotensin na biyu ne, ba ya taɓa inzayim ɗin, saboda haka duk abin da ya fito daga zaren farko yana nan, wato hawan fotasiyam da haɗarin ƙoda da hanin juna biyu, zare na biyu kuma kusan babu shi. A maimakon ka sake kwafe komai, ka rubuta "kamar na sama, amma tari kaɗan ne, kumburin maƙogwaro kuma ya fi ƙaranci". Ga yadda layukan biyu suke kasancewa idan an taƙaita su:

| Rukuni | Yadda yake aiki | Illa daga aikin | Ba a ba wa |
|---|---|---|---|
| Dangin lisinofiril | Hana samar da anjiyotensin na biyu, hana rushe buradikinin | Faɗuwar jini, hawan fotasiyam, hawan kiriyatinin, tari, kumburin maƙogwaro | Mai juna biyu, mai ƙuntatar jijiyoyin ƙoda biyu, wanda ya taɓa kumburin |
| Dangin losatan | Toshe makarɓar anjiyotensin na biyu | Kamar na sama, tari kaɗan | Mai juna biyu, mai ƙuntatar jijiyoyin ƙoda biyu |

Wanda ya kalli waɗannan layuka zai gane dalilin da ya sa ake mayar da mai tari daga na sama zuwa na ƙasa, zai kuma gane dalilin da ya sa ba a yin hakan idan matsalar hawan fotasiyam ce, tunda duka biyun suna jawo shi. Jerin haruffa ba zai taɓa nuna masa wannan ba, ko da yake lisinofiril da losatan maƙwabta ne a cikinsa.

Dangin lisinofiril rukuni ne mai biyayya, ’ya’yansa sun yi kama da juna. Masu toshe makarɓar bita kuwa su ne suke nuna iyakar wannan hanya, kuma a kansu nake so ka fi daɗewa. Makarɓar iri biyu ce ta fi shafar mu. Ta ɗaya tana zuciya da ƙoda, toshe ta yana rage saurin bugu da ƙarfinsa, yana jinkirta wucewar saƙon lantarki tsakanin ɗakunan zuciya, yana kuma rage sakin renin. Ta biyu tana hanyoyin iska na huhu da jijiyoyin jini da hanta, toshe ta yana matse hanyar numfashi, yana sanyaya hannu da ƙafa, yana kuma jinkirta farfaɗowa idan sukari ya faɗi. Idan ka rubuta jumla ɗaya ga rukunin duka, nan take za ka ga "wasunsu" ya shigo, don haka layi uku ake yi. Na farko na waɗanda suke toshe duka biyun, kamar furofaranolol da timolol. Na biyu na waɗanda suka fi karkata ga ta ɗaya, kamar atenolol da bisofurolol da metofurolol, kuma a nan ka rubuta "sun fi karkata", domin idan adadin ya yi yawa suna taɓa ta biyun, mai asma kuma bai kuɓuta ɗungurungum ba. Na uku na waɗanda suka haɗa da toshe makarɓar alfa, wato kabedilol da labetalol, waɗanda suke buɗe jijiyoyin jini, har ma ƙarshen sunansu ya ɗan bambanta da na sauran. Abin da ya game layukan uku, kamar saukar bugun zuciya, da kasala, da ɓoye alamun faɗuwar sukari in ban da gumi, da haɗarin daina sha farat ɗaya ga mai ciwon ƙirji na zuciya, ka rubuta shi sau ɗaya a saman su.

Kuskure mafi haɗari a wannan rukuni yana ginshiƙin amfani. Na taɓa duba jadawalin wata ɗaliba mai ƙoƙari, wadda ta rubuta "gazawar zuciya" a gurbin amfani na rukunin gaba ɗaya, kuma da aka tambaye ta maganin da za ta zaɓa sai ta ce atenolol, tunda shi ne wakilin layinta. Jadawalin ne ya yaudare ta. Waɗanda manyan gwaje-gwaje suka nuna suna rage mutuwa a gazawar zuciya mai raunin bugu su ne bisofurolol da kabedilol da metofurolol mai sakin kansa a hankali, sai nebibolol ga tsofaffi, wanda shi gwajinsa raguwar mutuwa da kwanciya asibiti a haɗe ya nuna, kuma ana fara su ne da ɗan kaɗan bayan mara lafiya ya daidaita, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Darasin da ke ciki ya shafi kowane jadawali: aiki da illolin da suke bin sa galibi na rukuni ne, amma amfani sau da yawa na magani ɗaya ne, domin hujjar gwaji a kan magani ake samun ta. Saboda haka duk amfanin da ba na kowa ba ne, ka rubuta sunan mai shi a gefensa. Rigakafin ciwon ɓarin kai, da rawar hannu, da kwantar da alamun yawan aikin tayirod, da rigakafin zubar jini daga kumburarrun jijiyoyin maƙoshi ga mai ciwon hanta, a gaban furofaranolol za su fi zama. Hawan jini lokacin juna biyu na labetalol ne. Ɗigon ido na rage matsin ido na timolol ne, tare da gargaɗin cewa ɗigon yana shiga jini har ya tayar da asma. Esmolol ta jijiya ake ba da shi, rabinsa yana gushewa daga jini cikin kusan minti 9, shi ya sa ake son sa a ɗakin tiyata.

Ginshiƙin masu saɓawa a nan yana da abu biyu da ba za a bari ba. Furofaranolol yana narkewa a kitse, yana shiga ƙwaƙwalwa, yana iya kawo munanan mafarkai da rashin barci, hanta kuma take sarrafa shi. Atenolol yana narkewa a ruwa, ƙoda take fitar da shi, don haka ana rage shi ga mai ciwon ƙoda. Na biyu shi ne sotalol, wanda sunansa yake sa a jefa shi cikin sauran, alhali yana kuma toshe ƙofar fotasiyam a zuciya, yana tsawaita tazarar QT, yana iya haddasa rikicewar bugu mai kisa. Mazauninsa na gaskiya yana tare da amiyodaron a jadawalin masu daidaita bugun zuciya.

Masu toshe ƙofar kalsiyam su ne misali mafi sauƙi na rukunin da suna ya haɗa amma aiki ya raba. Amlodifin da nifedifin sun fi aiki a kan jijiyoyin jini, suna buɗe su, kuma daga nan kumburin idon sawu da ciwon kai da jin zafi a fuska da bugun zuciya da sauri suke fitowa. Kumburin nan ba taruwar ruwa a jiki ba ne, buɗewar ƙananan jijiyoyi ce take tura ruwa cikin nama, shi ya sa maganin fitsari ba ya yi masa wani abin kirki. Berafamil da diltiyazem kuwa suna aiki a kan zuciyar kanta, suna rage bugu da ƙarfi, ana amfani da su wajen rage saurin bugu a rikicewar ɗakunan sama, ba a kuma ba mai gazawar zuciya mai raunin bugu, berafamil kuma ya yi suna wajen taurin bahaya. Wanda ya haɗa su a layi ɗaya zai rubuta "saurin bugu ko saukar bugu" a gurbin illa, wanda shi da babu duk ɗaya ne. Zai kuma rasa abin da ya fi muhimmanci, wato haɗa amlodifin da mai toshe bita abu ne da ake yi kullum, amma haɗa berafamil da shi yana iya tsayar da saƙon lantarkin zuciya. Irin wannan haɗuwa ba ta da gurbi a layin kowa, domin tsakanin layuka biyu take, don haka ka bar ɗan fili a ƙasan kowane jadawali don haɗuwa uku ko huɗu mafi haɗari. A babin nan zan sa berafamil da mai toshe bita, da dangin lisinofiril tare da sifironolakton saboda fotasiyam, da kuma haɗin dangin lisinofiril da maganin fitsari da maganin ciwo irin su ibufurofen, wanda yake durƙusar da ƙoda.

Magungunan fitsari ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai tsarin jadawalinsu ya ɗan bambanta. Ka jera su bisa tafiyar bututun ƙoda, ka kuma ƙara ƙananan ginshiƙai na gishirin jini da kibiyar sama ko ƙasa. Furosemid yana aiki a hawan lanƙwasar Henle, inda ake mayar da kusan kashi 25 cikin 100 na sodiyam ɗin da aka tace, shi ya sa yake da ƙarfi, yayin da dangin tiyazid suke aiki a gaba, inda abin da ake mayarwa bai wuce kusan kashi 5 ba. Dukansu suna zubar da fotasiyam suna kuma ɗaga sinadarin yurik, amma furosemid yana zubar da kalsiyam, tiyazid kuma yana riƙe shi, kuma kibiya biyu masu kallon juna sun fi jumla goma nuna wannan. Illar ji a kunne ta furosemid ce, musamman idan an tura shi da sauri ta jijiya.

Sauran matsalar ita ce maganin da yake da gida fiye da ɗaya. Sifironolakton maganin fitsari ne mai riƙe fotasiyam, maganin gazawar zuciya ne, ana kuma amfani da shi saboda yana toshe makarɓar sinadarin maza, wanda shi ne dalilin girman nono ga maza, illar da efilerenon bai cika jawowa ba. Asfirin ma a tsarin ATC lamba fiye da ɗaya gare shi, akwai `B01AC06` a matsayin mai hana ƙwayoyin jini mannewa, akwai `N02BA01` a matsayin maganin ciwo. Ƙa'idar da nake bi ita ce a ba kowane magani gida ɗaya inda za a rubuta cikakken bayaninsa, wato rukunin da aikinsa yake, a sauran wuraren kuma a sa sunansa kawai da nuni zuwa can. Idan ka kwafe bayanin a wuri uku, ranar da ka gyara ɗaya sauran biyun sun zama ƙarya. A inda adadi yake sauya amfani, kamar asfirin na miligiram 75 zuwa 100 don kare jijiyoyi da na 300 zuwa sama don ciwo, ka rubuta adadin a gurbin amfani. In ba haka ba kada ka cika jadawalin rukuni da adadin sha, domin adadi na magani ɗaya ne, kuma daga littafin magunguna na hukuma ake ɗauko shi lokacin buƙata.

A gurbin illoli kuma ka yi rowa. Takardar da ke cikin kwalin magani tana lissafa abubuwa da dama, ana kuma kasa su bisa yawan faruwa: abin da yake samun mutum 1 cikin 10 ko fiye, da na 1 cikin 100, da na 1 cikin 1,000, har zuwa wanda bai kai 1 cikin 10,000 ba. Tashin zuciya da jiri da ciwon kai suna cikin kusan kowace takarda, don haka ba sa bambanta komai, sai inda aikin maganin ne yake kawo su kai tsaye. Abin da ya cancanci gurbi iri uku ne: wanda ya fi yawan faruwa har yake sa mutane su bar magani, wanda yake iya kisa ko da ba kasafai ba, da wanda ya keɓanta da rukunin. Ka ja layi a ƙarƙashin mai kisa don kada ya ɓace a cikin sauran, tunda a dangin lisinofiril tari ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma kumburin maƙogwaro ne yake kai mutum sashen gaggawa.

Idan ka gama babi, ka gwada shi ta hanya uku kafin ka wuce. Ka ƙirga sunayen da ke gidajensu na asali ka gwada da adadin da ke jerin farko, domin magani yakan salwanta a hanya, musamman marasa dangi irin su digokzin da haidiralazin da metildofa, waɗanda kowanne layinsa shi kaɗai ya kamata ya samu. Layin da aka sa wa suna "sauransu" kabarin magunguna ne, ba a sake duba abin da ya shiga cikinsa. Sannan ka rufe ginshiƙin illolin aiki da hannu ka yi ƙoƙarin faɗo su daga ginshiƙin aiki kaɗai, kuma duk inda ka kasa, to jumlar aikin ce ba ta cika ba, kamar wanda ya manta buradikinin ya rasa inda tari ya fito. Na ƙarshe, ka ɗauki magani mafi baƙunta a layin ka karanta masa layin gurbi-gurbi kana tambayar ko kowace kalma ta yi daidai da shi. Ka gwada wannan da nimodifin a layin amlodifin: aikin ya yi daidai, illolin ma haka, amma da ka kai gurbin amfani za ka tarar ba don hawan jini ake ba da shi ba, ana ba da shi ne bayan zubar jini a ƙarƙashin rufin ƙwaƙwalwa don rage lahanin da matsewar jijiyoyi take jawowa, kuma wannan sai ya tafi ginshiƙin ƙarshe da sunansa a gaba.